Tatsuniyar barci da na ɗauka a waya sai ƙara wartsakar da yaro take, ku duba min rubutun

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san harkar rubuta labarin yara na saurare ina neman shawara. Na rubuta tatsuniya na ɗauki muryata a waya saboda wani lokaci aikin dare nake yi, ina so ko bana nan a kunna wa ƙaramin ɗana ya ji muryata ya yi barci, shekararsa uku da rabi. Labarin ɗan kunkuru ne da ya ƙi kwanciya sai ya je ya yi wa maƙwabtansa sai da safe, ya fara da tururuwa, sai kwaɗo, sai ɗan akuya, sai jaki, ƙarshe giwa. Akwai amshi da nake maimaitawa duk inda ya je kuma na zuba kalmomin sauti sosai don yana son su. To yana son labarin kam ba ƙarya, amma maimakon ya yi barci sai ya tashi zaune yana tsalle a katifa yana cewa a sake, a sake. Ga yadda ƙarshen yake:

"Sai ga giwa, buguzum-buguzum! Ta taka ƙasa, tim! Ta faɗa kogi, fanjam! Ɗan kunkuru ya yi wuf ya ɓuya. Yara, wa ya zo? Giwa ce!"

Daga nan sai ya koma gida ya kwanta, shi ke nan. Tsawonsa minti 9.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ai matsalar a fili take Maman Ilham, waɗannan tim da fanjam ɗin su ne. Labarin barci ba a sa masa sauti ko kaɗan, ki cire su duka ki karanta a hankali kawai, ki sa ɗan kiɗa mai sanyi a ƙarƙashi, za ki ga aiki.

Hajiya Turai: A'a Baban Khalifa, in aka cire su me ya rage? Yaro ɗan shekara uku ba zaren labari yake bi ba kamar ni da kai, waɗannan kalmomin su ne abin da yake kamawa ya riƙe. Ni jikokina in na tsallake "tsulum" ɗin kwaɗo sai sun tsayar da ni sun ce ban faɗa daidai ba. Labari ba sauti yaro zai bar ki da maganarki ya koma wasa da bargo.

Malam Sabo: Baban Khalifa ya hango rabin abin, Hajiya ma ta yi gaskiya. Na daɗe ina rubuta wasan kwaikwayo na rediyo da shirin yara, bari in faɗi abin da na gani a ɗan abin da kika turo, ƙanwata.

Ba yawan sautin ne ya tashe shi ba, inda kika ajiye su ne. Kin jera dabbobin daga ƙarama zuwa babba, tururuwa har giwa, to ƙara ma haka take hawa, mafi ƙarfin sauti ya faɗo a minti na takwas daidai lokacin da ya kamata idonsa ya fara nauyi. Wannan tsarin labarin rana ne, ana hawa ana hawa har a kai ƙololuwa a yi dariya a watse. Na barci gangara yake yi. Ki juya jerin kawai: giwa ta zo farko lokacin da yaron yake da sauran ƙarfi, ya yi buguzum-buguzum ɗinsa ya more, sai jaki, sai ɗan akuya, sai kwaɗo, a ƙare da tururuwa wadda ko motsinta ba a ji. Ba ki cire komai ba amma labarin ya koma yana saukar da shi.

Abu na biyu, ki saurari kalmomin da bakinki. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, baki a buɗe, amma waɗannan na sauti da yawansu baƙi ne a ƙarshe, cak, wuf, tsit, tim, kuma in mun zo faɗinsu murya kan ɗaga sama da sauran jimlar ba tare da mun sani ba. Gwada ki ce "ya tsaya cak" ki ji yadda cak ɗin ke tsalle. Shi ya sa suke farkar da kunne. Akwai kuma masu jan jiki waɗanda ake iya miƙar da su, sululu, yaf-yaf, luf, tinƙis-tinƙis. Masu tsallen nan ki tara su a kashi ɗaya cikin uku na farko, daga tsakiya zuwa ƙarshe kar a ƙara jin ko ɗaya.

Maman Ilham: Ikon Allah, wallahi ni a tunanina dole babbar dabba ta zo ƙarshe don labari ya yi armashi. To Malam amshin fa? Ga shi yadda na rubuta, a wurin tururuwa na ce "Ɗan kunkuru ya tafi tinƙis-tinƙis ya ce sai da safe", a wurin kwaɗo "Sai ya kama hanya a hankali ya je ya ce mu kwana lafiya", a wurin akuya kuma na sake wani salon don kar ya gundure shi.

Malam Sabo: To nan ne babban gyaran. Abin da kika yi ba amshi ba ne, jimloli uku ne masu ma'ana ɗaya. Mu manya mu ke gajiya da maimaici, an koya mana a makaranta kar mu maimaita kalma, sai hannu ya riƙa sauyawa da kansa. Yaro kuwa abin da yake so shi ne ya san me zai biyo baya kafin a faɗa, in ya zata kuma ya zo daidai sai jikinsa ya saki. In kika sauya ko kalma ɗaya ce sai ya ɗaga kunne don ya ji sabon abu, kin ga an koma farkawa ke nan. Amshi kalma da kalma ake maimaita shi, da irin karin muryar, da irin numfashin. Suna kaɗai ke sauyawa. Misali:

Tinƙis-tinƙis, ɗan kunkuru ya tafi.
Tinƙis-tinƙis, dare ya yi.
"Sai da safe, giwa."
"Sai da safe, ɗan kunkuru."
Giwa ta lumshe ido, ta kwanta luf.

Layi biyar, gajeru, kowanne numfashi ɗaya ya ɗauke shi. A wurin jaki ki cire giwa ki sa jaki, "ta" ya koma "ya", ba wani abu kuma. Dabbobi biyar, amshi sau biyar, sai na shida a gida inda uwarsa za ta ce masa sai da safe shi ma ya kwanta luf. Na shidan nan shi ne dalilin duk labarin, yaro ya ga kowa ya kwanta saura mutum ɗaya.

Anti Rabi: Malam Sabo ya taɓo inda nake. Ni malamar nazare ce, kuma wannan maganar maimaici har bincike an yi a kai. A 2011 Jessica Horst da abokan aikinta a Jami'ar Sussex sun gwada yara ƴan shekara uku, wasu aka riƙa karanta musu labari guda ana maimaitawa, wasu kuma labarai daban-daban amma sababbin kalmomin da ke ciki iri ɗaya ne, waɗanda aka maimaita wa labari ɗaya su suka fi riƙe kalmomin. To wannan kan koyon kalma ne ba kan barci ba, kar a ce na ce, amma dai yana nuna cewa "a sake" ɗin da yake cewa ba rigima ba ce, haka kansu yake aiki.

Inda zan ja da ke Maman Ilham shi ne "Yara, wa ya zo?" ɗin nan. Wannan tambayar aji ce, ni ma ita nake yi in na ga sun fara gyangyaɗi da rana don in tashe su. Kin tambaye shi, dole ya amsa, kuma da ƙarfi zai amsa. Ki cire duk wata tambaya da aka jefa wa mai sauraro.

Hajiya Turai: Nan kuma ban bi ki duka ba Rabi. Tatsuniya ai da amsawa ake yinta, yaro in bai sa baki ba bai shiga ciki ba. Ni in ina ba su nakan ce "tinƙis..." in yi shiru su ƙarasa, da farko da ƙarfi suke ƙarasawa, can sai ki ji murya ta yi ƙasa, can sai ki ji ɗaya ne kawai ya amsa, daga nan shiru. Da haka ma nake gane wa ya yi barci.

Anti Rabi: Hajiya ai ke kina zaune a gabansu kina ganin idonsu, in kin ga ya yi nauyi sai ki daina barin gurbin. Rikodin ba shi da ido, in an bar gurbi a minti na bakwai kullum yana nan ko yaron ya fara tafiya ko bai fara ba.

Malam Sabo: Ku biyun akwai hanyar da za ta ɗauke ku. Gurbi daban tambaya daban. Tambaya tana tilasta amsa, gurbi kuwa in ya so ya cike in bai so ba shiru ne kawai ya wuce. Ni abin da nake yi, a amshi na ɗaya da na biyu ina barin gurbin a fili bayan tinƙis na farko, muryata a ɗan ɗage kamar mai jira. Daga na uku sai in daina ɗagawa, in sauke murya a ƙarshen kowane layi, shirun yana nan amma ba ya kiran kowa. Sai dai gaskiya akwai yaran da ko gurbin farkon ma yana kunna su har ƙarshe, wannan sai uwa ta gwada ta gani.

Sadiya: Sannunku, dan Allah ni ma a turo min odiyon ta waya in kunna wa ƴan biyuna, ko akwai inda ake sauke irinsu da yawa? nawa basa barci sai sha ɗaya ta wuce

Maman Ilham: Ƴar uwa ba a gama ba tukuna gyara muke yi, in ya yi kyau zan turo miki in sha Allah. Amma da za ki ɗauka da muryarki ina ga zai fi, nawa ma muryar ce yake nema.

Malam wani abu kuma, maganar tsawo. Na ƙirga kalmomin rubutun sun kai 1350, a minti 9 na karanta. Ya yi yawa ne ko ya yi kaɗan?

Malam Sabo: Raba ki gani, 1350 a minti 9 kalma 150 ke nan a minti ɗaya. Wannan saurin hira ne, yadda za ki ba ƙawarki labari. Na barci ni nakan fara a wajen 120 in gangara zuwa 90 ko ƙasa da haka a ƙarshe. In kina son minti 9 ɗin nan dai, rubutun ya dawo wajen kalma 900, sauran lokacin shiru ne zai cinye. Kuma rage gudun ba jan kowace kalma ake yi kamar kaset ya lalace ba, yaro yana jin wannan ya san ba muryarki ba ce. Jimla a faɗe ta yadda take, a tsakanin jimloli ne ake zama.

Shi ya sa shirun ma rubuta shi ake yi a takarda, in ba haka ba kina fara karatu baki zai gudu. Ni ina sa layi a tsaye ɗaya don numfashi ɗaya, biyu don sakan uku, uku don sakan biyar. Ga yadda zan rubuta wurin kwaɗo, na huɗu ke nan, an riga an gangaro:

Ruwa yana sauka yaf-yaf. / Yaf-yaf a kan ganye. // Kwaɗo yana bakin tafki, / ya shiga ruwa sululu. // Tinƙis-tinƙis, ɗan kunkuru ya tafi. // Tinƙis-tinƙis, dare ya yi. ///

Ki lura ban ce tsulum ba duk da ita ce ta kwaɗo, Hajiya ta yafe min, a wannan wurin sululu ta fi. In ana son tsulum sai a matso da kwaɗo gaba. Sannan sassan ma su riƙa gajarta, giwa ta samu kalma 200 da wasanta da komai, jaki 170, akuya 140, kwaɗo 110, tururuwa kusan amshin kaɗai da layi uku. In kika haɗa da buɗewa da komawa gida za ki ga kin faɗo wajen 900 ɗin.

Nura: Ni ta ɓangaren ɗauka zan sa baki don shi ne aikina. Anti Maman Ilham in da waya kike ɗauka kar ki manna ta a baki, ki bar kamar tazarar ɗani ɗaya kuma ki ɗan karkatar da ita gefe kar iskar baki ta doki makirfo kai tsaye. Kalmomin nan irin fanjam da buguzum da duk mai ƙ ko ts suna fita da ƙarfi, a kunne ba komai amma a rikodin sai su yi tsini su fi sauran magana ƙara nesa ba kusa ba. Abin da ke faruwa kenan, an rage sauti don muryarki ta yi laushi, yaro ya fara lumshewa, sai tim ta zo ta daki kunnensa. In kika buɗe fayil ɗin a manhajar gyaran sauti ta Audacity za ki gansu da ido, duk inda zanen ya yi tsini sama to nan ne. Ki zaɓi wurin kaɗai ki rage shi da Amplify, ko ki sa Compressor a kan duka ya daidaita, sannan sakan goma sha biyar na ƙarshe ki sa Fade Out don kar ya yanke kwatsam, yankewar ma tana tada yaro.

Kuma dan Allah kar ki yi raɗa. Mutane suna zaton raɗa ita ce murya mai sanyi, amma a sifikar waya raɗa duk "s" da "sh" ne ke fita kamar ana yayyage leda. Ki yi magana da cikakkiyar murya amma ƙasa-ƙasa. A ɗaki mai labule da katifa, a kashe fanka.

Baban Khalifa: To ni dai har yanzu ina kan maganar kiɗa. Kuma tunda akwai sautin ruwan sama na gaske da kukan kwaɗi da ake samu, me zai hana a sa su maimakon mutum ya riƙa cewa yaf-yaf da baki? Ai ya fi kama da gaske.

Nura: Ana yi Yaya, amma da sharaɗi. In za a sa ruwan sama ya zama shimfiɗa ce a ƙasa wadda ba ta hawa ba ta sauka, kuma can ƙasa da murya sosai, in har kana iya lura da shi lokacin da ake magana to ya yi yawa. Wanda ba na so shi ne sautin da ke faɗowa sau ɗaya, kukan jaki na gaske ko ƙarar faɗawa ruwa, a cikin duhu yaro bai san daga ina ya fito ba, wani tsorata zai yi. Kiɗa mai waƙa kuma yana gasa da maganar.

Hajiya Turai: Kuma yaf-yaf ta baki yaro zai iya ɗauka ya faɗa da kansa gobe in ya ga ruwa, na inji fa? Ni ban ga abin da ya kai bakin uwa ba a nan.

Baban Khalifa: Hajiya nawa yaran da ruwan saman suke barci wallahi, ko labari babu. Kowa dai da nasa.

Anti Rabi: Wani abu da ba a taɓo ba, Maman Ilham a rubutunki me ya sa ɗan kunkuru ya ɓuya da giwa ta zo? In tsoro ne a cire. Ko ɗan ƙaramin abin fargaba ne, ya ɓata a hanya, wani ya biyo shi, duhu ya rufe shi, da rana ba komai amma yaro zai kwanta da shi a ka. Matsalar labarin kar ta wuce "saura wa ban yi wa sai da safe ba". Kuma dare a labarin ya zama abu mai daɗi, wata ya fito, iska tana kaɗawa, ba abin da ake gudu ba.

Maman Ilham: Na cire ɓuyar. Ga yadda na sake farkon da ƙarshen yanzu ku duba min:

"Giwa tana wanka, fanjam-fanjam. / Ta fito buguzum-buguzum, / kunnuwa fafal-fafal. // Tinƙis-tinƙis, ɗan kunkuru ya tafi..."

ƙarshe kuma

"Tururuwa ta shige rami sululu. /// Tinƙis, // ɗan kunkuru ya zo gida. /// Sai da safe, ɗan kunkuru. /// Ya lumshe ido, // ya kwanta luf. /// Ƙurunƙus."

Na rage tinƙis ɗin ya zama ɗaya a ƙarshe kamar ya gaji, ban sani ba ko hakan ya karya dokar kar a sauya amshi.

Malam Sabo: Bai karya ba, ragewa daban sauyawa daban, kunnensa zai ƙarasa ɗayan da kansa, kuma sau ɗaya ne a ƙarshe bayan ya ji cikakken sau biyar. Wannan ya yi kyau ƙwarai. Fafal-fafal ɗin ke kika ƙirƙira ko? Ba laifi, yara suna karɓar sabuwa in dai ta yi kama da abin, sai dai duk wadda kika ba giwa ta zama tata ita kaɗai, kar jaki ma ya zo da fafal-fafal, kowace dabba da sautinta guda ɗaya ko biyu.

Ƙurunƙus ce nake shakka. Ƙ biyu ne a ciki ga s a ƙarshe, kuma yaro ya san ma'anarta an gama, wanda bai yi nisa ba yana jin ta zai buɗe ido ya ce a sake. Ni da zan bar shi a luf, sai shiru, sai in maimaita "ya kwanta luf" sau biyu ina ƙara ƙasa da murya har Nura ya shafe shi da abinsa.

Hajiya Turai: Haba Malam, tatsuniya ba ƙurunƙus? Ni kam ba zan iya ba, sai in ji kamar na bar ƙofa a buɗe. A faɗe ta a hankali mana, ba dole sai an buga ta ba.

Nura: Anti ki ɗauki biyun kawai, ai layi ɗaya ne, fayil ɗaya da ita ɗaya babu, ki ba mai kunna masa ya gwada kowanne na ƴan kwanaki. Amma ku tabbata an kashe maimaitawa ta atomatik a wayar, in ba haka ba yana kaiwa luf giwa za ta dawo da fanjam-fanjam. Kuma a sifika a ɗan nesa da kansa, ba iyafis ba.

Maman Ilham: Wannan na maimaitawar kam sai na duba, ina ga a kunne take. To jaki fa jama'a, wane sauti zan ba shi wanda ba kuka ba? Tafiyarsa nake so, na rubuta ƙwas-ƙwas amma ina jin kamar ta yi kaifi a matsayi na biyu.

Anti Rabi: A na biyu ai da sauran wuri, ki bar ta, daga akuya ne za ki fara sassautawa. Ko ki sa shi yana kaɗa jela fil-fil in kina son mai laushi.

Hajiya Turai: Jaki da dare ba tafiya yake ba, a tsaye yake yana gyangyaɗi, ki sa kansa yana yin ƙasa yana dawowa, yaron ma zai kwaikwaya.